Takardar Filin Kawu Nagoda

Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara, in ji masu iya magana. Suhaibu bai raina komai ba, kunya ce ta ci shi, kuma ta ci mutum goma sha huɗu tare da shi.

Shi ne shugaban ƙungiyar matasan Tudun Wada masu tattara roba, su goma sha huɗu. Shekara biyu suna bin kwatami da wuraren biki, daga Kwangila har Tudun Jukun, suna tsintar gorunan ruwa da fasassun bokitai da jarkoki. Su ware gora daban, mai tauri daban, fara daban, mai launi daban, su cire marfi da takarda. Dillali ya zo ya ɗora a sikeli ya taya yadda ya ga dama, don gorar da ba a niƙa ba iska ce, ta cika mota ba nauyi. Riba tana wajen mai inji.

Da wata gidauniya ta ce za ta saya wa ƙungiyoyi injin niƙa, Akunna, sakatariyarsu, 'yar mai shagon kayan wuta, ta zauna ta rubuta takardar neman tallafin. Ta haɗa shaidar rajista, farashin inji daga maƙera biyu, janareta, sikeli, da wasiƙar mai unguwa. Abu ɗaya ya rage: rubutacciyar yarjejeniya cewa filin da za a kafa injin yana hannunsu shekara biyar.

Filin na Kawu Nagoda ne, yayan mahaifiyar Suhaibu. Da baki ya ba su.

"Shugaba, ka je ya sa hannu," in ji Akunna.

"Zan je."

"Tun makon jiya kake zuwa. A Legas kawun naka yake?"

"Ke ba ki gane ba. Mutumin da ya yanka mini ragon suna zan ce wa rubuta mini?"

"Ni dai babana ko kwan fitila ya sayar sai ya ba da rasit, kuma ba wanda ya mutu."

Sau uku Suhaibu yana shiga zauren kawun da takarda a aljihu. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi ciwon ƙafa, ya fito da abarsa. Ƙarshe aka miƙa takardun haka nan, aka rubuta cewa ta fili tana tafe.

Ranar da za a zo duba wuri suka share filin, suka jera buhuna. Kawu Nagoda ya sa babbar riga, ya zo da liman da dattijai biyu, don ya ji ana maganar shaida.

Ma'aikaciyar gidauniyar, Malama Bahijja, ta duba tsarin warewarsu ta yaba. Ta auna inda za a zuba daɓen inji, ta tambayi inda ruwan wankin roba zai bi. Sannan ta ce, "Saura takardar fili."

"Ga ni, ga liman, ga shaidu," in ji Kawu. "Na ba su."

"Allah ya saka, Baba. Amma ofis takarda yake karɓa. Inji ne za a ɗaure a siminti, an sha kafawa mai wuri ya ce a tashi. In tana nan ka sa hannu yanzu, shi ke nan. Jumma'a ake rufewa."

Suhaibu ya zaro ta daga aljihu, duk ta yamutse.

Kawu ya dubi takardar, ya dubi yamutsewar, ya gane ta daɗe a aljihun.

"Ashe da ita kake zuwa gaishe ni?"

"Kawu, ba haka ba ne..."

"Shekara saba'in ban taɓa magana biyu ba. Yau a gaban liman ɗan ƙanwata zai ɗaure ni da biro, kamar ɓarawon akuya?" Ya tattara rigarsa. "Fili na ba ku. Hannu kuwa ban sa ba."

Da a zaure ne, su biyu, da ya yi faɗansa ya huce ya sa. A gaban jama'a kuwa dattijo ba ya haɗiye abin da ya tofar. Liman ya bi shi yana ba shi baki, bai waiwayo ba.

Jumma'a ta zo ta wuce. Injin ya tafi wata unguwa. Kafin damina ta sauka shida daga cikinsu sun koma acaba, Akunna ta koma shagon babanta, ko sallama ba ta yi wa shugaba ba.

Kwana goma sha biyu da rufewa Inna Ishatu, matar Kawu, ta kawo wa Suhaibu takarda a ƙulle cikin leda. Kawu ya sa an rubuta sabuwa, ya dangwala yatsa, shekara goma ma ya ba su.

"Ya ce a gaya maka shi ba ya riƙo," in ji ta.

Suhaibu ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode. Ihu bayan hari. Ya ninke ta ya mayar cikin aljihun nan dai, ya tashi, don motar dillali ta tsaya a bakin fili, an riga an sauke sikeli.