Layi na Ɗari

Shekara biyu na yi ina hawan bas daga Muchia zuwa jami'a a Samaru saboda magana ɗaya: idan ƙasa ta ɗaga abin da take tarawa daga kashi ashirin cikin ɗari na abin da take samu zuwa kashi talatin, abin da kowane ma'aikaci ke samarwa zai yi ta hauhawa har abada. Kundin digirina na biyu kenan kacokan. Na sha rana, na sha ruwan sama, na sha yajin aiki. Sau biyu ɓarayi suna raba ni da waya a tasha. Ban taɓa kuka a gaban kowa ba.

Ranar kare kundin, malamai biyar suka zauna a gaba, ɗalibai a baya. Na haska teburin lissafina a bango daga kwamfuta. Layi goma ne, shekara goma, domin a sashenmu ba a son tebur ya tsallaka shafi. Abin da ma'aikaci ke samarwa ya tashi daga biyu zuwa kusan biyu da ɗigo huɗu. Daga nan na ɗauki matsakaicin ƙaruwar na shimfiɗa shi gaba, na ce haka za a yi ta tafiya.

Dakta Adenike, wadda aka haifa a Sabon Gari, ta cire gilashinta. In ta sauka daga Turanci ta koma Hausa, ɗalibi ya shiga uku.

"Hephzibah, 'yata, wa ya ce miki duniya za ta tashi a shekara ta goma?"

Aka yi dariya a baya.

"Dakta, lissafina daidai yake. Sau bakwai na bi shi."

"Ban ce akwai kuskure a ciki ba. Ja layin ƙarshe ƙasa. Kai shi ɗari."

Na kama shi na ja, kaina a sama. Lambobi suka zubo. Shekara ta hamsin, biyu da ɗigo tara. Ta ɗari, biyu da ɗigo tara tara. Na ƙara ja ba tare da an sa ni ba. Uku. Uku. Uku.

Na duba ko kwamfutar ce ta sandare. Lafiyarta ƙalau.

"Yesu," in ji wata a baya.

"Ina har abadan?" Dakta ta tambaya a hankali.

Shafi ɗari da arba'in, kuma tebur ɗina ne da kansa ya ƙaryata ni.

Shugaban zaman ya rufe kundin. "Ina ganin a ɗage. Ta janye, ta zaɓi sabon batu baɗi."

Baɗi. Wata shekarar bas, wata shekarar mutanen unguwa suna tambayar Baba ko har yanzu ban gama ba.

"Ranka ya daɗe, a ba ni alli."

"Ke, zauna."

"Ba zan zauna ba sai na ga inda ya mutu."

Dakta Adenike ta miƙo mini. Na karɓa na fara rubutu a allo. A tsarina, abin da ma'aikaci ke samarwa shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jarinsa: jari huɗu, samu biyu, jari tara, samu uku. Kowace shekara kashi bakwai na jari na lalacewa, ma'aikata na ƙaruwa da kashi uku, don haka sai an zuba kashi goma na jarin kafin ma a tsaya inda ake.

"A jari huɗu, sabon tarin sifili da ɗigo shida ne, buƙatar kuwa ɗigo huɗu. Akwai rara, jari na hawa." Na tsaya. Na gan shi da idona. "Amma kowane ƙarin jari ribarsa ba ta kai ta na baya ba, buƙatar kuwa ba ta ragi. A jari tara, tari ɗigo tara, buƙata ɗigo tara. Rara ta ƙare."

"Sai me?"

"Sai a tsaya. Tsani ne mai iyaka, Dakta. Tari na ɗaga ma'aikaci zuwa sama, ba ya sa shi ya yi ta hawa. Wannan sai da ci gaban fasaha, ni kuwa ban sa shi a tsarin ba."

"To, aikin banza kika yi kenan?"

Nan jinina ya taso. "Daga biyu zuwa uku banza ne? Ƙarin rabi fa! Abin da yake ci ma, ko da ya ragu da farko, zai tashi daga ɗaya da ɗigo shida zuwa biyu da ɗigo ɗaya. Kammalawata ce ƙarya, ba aikina ba."

Shugaban ya dubi Dakta Adenike, ita kuma tana duban allon.

"Babi na huɗu da na biyar," ta ce. "Ta rushe su ta sake. Mako shida, ni zan duba."

"Huɗu sun ishe ni."

"Shida, mai taurin kai. Kuma ki bar teburin ya tsallaka shafi."

Na tattara takarduna. Da na kai bakin titi, na zauna a bencin mai gasa masara, na buɗe babi na huɗu na fara sokewa.