Miliyan ɗin da aka cusa a shek ɗina

Ni Isaka magini, ban yi lakkwal ba, ban zauna aji ko yini guda ba, amma rabin katangun unguwar Bobiel hannuna ne. Na faɗo daga bene hawa biyu na tashi da ƙafata. Shi ne wai Boubacar mai kamyon da ke kawo min yashi zai cuce ni!

Ran Talata banki suka kira ni. Wai shek ɗin da na ba Boubacar ya iso musu daga bankinsa, miliyan ɗaya da jika ɗari biyu da hamsin, su biya? Na ce kar wanda ya taɓa. Jika ɗari biyu da hamsin na sani.

Ɗiyata Huda ke rubuta min shek, ni sa hannu kawai nake. Na same ta a gida na zazzage mata. Na ce ta haɗa baki da shi, ta tattara kayanta.

"Baba, mu je bankin tukuna," ta ce. Ko kuka ba ta yi ba, abin ya ƙara ƙona ni.

Madam Zalika, mai duba shek, ta buɗe hotonsa a ordinatar, kwamfutar da ke kan teburinta. Takardar tana can ɗaya bankin, hoton aka aiko.

"Baba, kun iya karatu?"

"Na iya layi. Ƙara masa girma."

Ta ƙara. Lambobin Huda na zaune daram bisa layi kamar jerin bulo. Sandar da ke gabansu kuwa, lamba ɗaya ta miliyan, ta ɗaga sama, ta karkace, ta manne da bakin akwatin da ake rubuta lambobi.

"Wannan bulon daga baya aka cusa shi," na ce.

Madam ta nuna layin kalmomi. Biyun farko, na miliyan ɗin, a matse suke, ƙanana, har sun hau rubutun banki.

Sai tawada. Bik ɗina, alƙalamin rubutuna, tsoho ne, Huda ta sha cewa in yar, na ƙi, kuma da shi nake sa ta rubutu. Yana tsallake, gefen rubutunsa a cinye, fari-fari a ciki. Abin da aka ƙara baƙi ƙirin ne, gefensa sumul.

"Hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai," in ji Madam. "Za mu ƙi biya, mu nemi takardar. Amma wa ya bar wannan fili a gaba?"

Huda ta dube ni. Ni ne nake cewa ta ja baya daga baki, don aiki ya yi tsabta.

"Daga yau a fara daga baki, a ja layi a sauran," Madam ta ce.

Na kira Boubacar nan take. "Kai ɓarawon banza, ko sata ba ka iya jerawa ba! Mu haɗu a komisariya, gaban 'yan sanda."

A waje na ce wa Huda ta bar kayanta inda suke.

"Shi ke nan abin da za ku ce, Baba?"

Na tsaya. Na miƙa mata bik ɗin. "Riƙe. Ni na yi kuskure. Kar ki faɗa wa uwarki na ce haka."