Buhu Arba'in da Huɗu

Manajan siton nan, wanda leburori ke kira Tsohon Makulli, bai taɓa son waya ba sai da ta fara yi masa kukan siminti.

Ga yadda abin yake. A na'urar ofis an sa wa kowane kaya iyaka. Ta siminti buhu arba'in ce: goma na fita kullum, mota na kwana uku kafin ta iso, goma kuma na ko-ta-kwana. Lissafi na sauka ƙasa da arba'in, waya ta yi ƙit, tsoho ya yi odar ɗari biyu. Mai tuƙo motar kuwa ɗansa ne na fari, wanda ya bar gida shekara biyu ke nan, tun ranar da uban ya ce masa tuƙi ba sana'ar mai takarda ba ce. Yanzu iyakar hirarsu, "Sa hannu nan." Amma ai ganin ido ma abinci ne.

To, damina ta sauka, magina suka naɗe hannu. Siminti ya sauko har arba'in da huɗu ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga kogi. Kwana tara tsoho na duba waya. Ya goge ta da hula, ya kai ta bakin taga.

Matarsa ta ce, "Malam, in ƙishin ganinsa kake, ka kira shi mana."

"Wa? Ni siminti nake jira."

"Allah ya kawo simintin lafiya. Ka ce masa uwarsa na gaishe shi."

A kwana na goma babban lebura ya leƙo ofis. "Oga, buhunan nan na lungu a zubar ne? Rufi ya yi yoyo, shida sun zama dutse."

Tsoho ya je ya ƙwanƙwasa su da ƙafa. Ashe na'ura ba ta da ido, abin da aka faɗa mata ta sani. Shi kuma ya tsare waya ya manta lungu. Ya koma ya cire shida a na'ura a matsayin lalatattu. Talatin da takwas. Ƙit! Ban taɓa jin wanda ya yi asara yana gyara zaman hula ba sai shi.

Kwana uku, sai ga mota. Ɗan ya sauko, ya rame kaɗan. Ya miƙa takarda, ya ɗaga kai yana kallon rufin, ya daɗe.

"Baba, wurin nan na yoyo. Ɗari biyu sun yi yawa a ajiye. Ka riƙa odar ɗari-ɗari."

"Ai sai zuwanka ya ninka."

"To, ya za a yi."

Tsoho ya karɓi biro, ya ce wannan ba ya rubutu. Ya tafi ofis neman wani, a hankali, ya dawo da kujera.