Hirar Inna Tela

Sau biyu kwamitin ɗa'ar bincike ya dawo wa Auta da takardar neman izininta, kuma duk sau biyun sai da ta yi kuka a bayan ɗakin karatu. Tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, abin da ya rage mata kawai ɗan binciken kammalawa. Ba wani abin tayar da hankali take nema ba, so take ta zauna da masu ciwon suga da ke da gyambo a ƙafa, ta ji yadda suke kula da shi a gida. Amma kwamitin nan, ko gaisuwa za ka yi wa majinyaci da sunan bincike, sai sun ji da wane baki.

Karon farko suka ce takardar amincewa da majinyata za su sa wa hannu Turanci ne zalla, wanda ko ita sai ta ja numfashi kafin ta kai aya. Karo na biyu suka ce ba za ta nemi mutane a sashen da take wanke musu ciwo da hannunta ba. Auta ta kai ƙara wurin malamar da ke duba aikinta, ta ce ai waɗannan su suka fi sakin jiki da ita. Malama ta ce matsalar kenan. Wanda kike riƙe da ƙafarsa da almakashi a hannu, ta yaya zai dube ki ya ce a'a?

Auta ta ji haushi, ta kuma san gaskiya ce, abin da ya ƙara mata haushin kenan. Ta zage ta sake komai. Ta koma wani ƙaramin asibiti inda ba wanda ya san ta. Ta rubuta cewa sista, babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ce za ta fara sanar da mutane, mai so ya zo da ƙafarsa, ita Auta kuma ba za ta sa farin kayan jinya ba. Wanda bai iya karatu ba za a karanta masa a gaban shaidar da ba ruwansa da binciken, sannan ya dangwala yatsa. Takardar kuwa ta mayar da ita Hausar da ake sayen tumatir da ita: ba dole ba ne, ƙin shiga ba zai taɓa maganinka ba, lamba za a sa maimakon suna, kuma kana iya janyewa cikin mako biyu bayan hira ba tare da ka faɗi dalili ba. Wannan layin na ƙarshe ta rubuta shi ne kamar yadda kowa ke rubutawa, ba ta taɓa kawowa wani zai yi amfani da shi ba.

Izini ya fito a makare, lokacin ƙawayenta har sun fara maganar ɗinkin bikin yaye ɗalibai. Aka ba ta wani ɗan ɗaki kusa da wurin wankin ciwo, mai kujeru biyu da sikelin da ya lalace. Mutane suka riƙa shigowa jefi-jefi, kowa da amsar da ya san ma'aikatan jinya na son ji: ina wankewa, ina shan magani, ba na taka ƙasa ba takalmi. Auta na naɗa a rikoda, tana damuwa, domin da irin wannan ba abin da za ta rubuta.

Sai ga Inna Tela, wata dattijuwa mai keken ɗinki na ƙafa, zare maƙale a gefen mayafinta. Aka karanta mata takardar a gaban shaida, ta sa aka maimaita mata wasu wurare, ta dangwala. Da aka kunna rikoda sai ta saki baki. Ta ce ita fa da ta koma gida take sassauta bandejin, don ba ya barin ta taka keke. Ɗanta ya hana ta ɗinki, yana fita aiki take jawo keken daga bayan labule. Ba yunwa ke sa ta ba, in ji ta, amma ranar da ta wuni ba ta ji ƙarar keken nan ba ji take kamar an riga an binne ta. Ranar asibiti sai ta ɗaure abinta tsaf, ta zo ta zauna kamar mutuniyar kirki.

Bayan an kashe rikoda Auta ta gaya mata haɗarin abin ba ɓoye-ɓoye, ta roƙe ta ta yi maganar da sista. Amma a hanyar gida kamar ta yi tsalle. Ta koma kan sauran hirarrakin da sabon kunne, ta tsara babin sakamakonta kacokan a kan kalaman dattijuwar. Malama da ba ta cika yabo ba ta ce yanzu ne aikin ya yi rai.

Saura kwanaki kaɗan a miƙa aiki, da hantsi, Inna Tela ta leƙo ɗan ɗakin. Wa'adin janyewa bai cika ba. Ta zauna, ta gaisa, ta tambayi mutanen gida, sannan ta gyara mayafi.

“'Yata, kin ce in na sake shawara in zo in faɗa. To na sake. Ki cire tawa.”

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Maganganu suka taru mata a baki: ba sunanki a ciki, Inna, zan ma canza sana'ar, ba wanda zai gane. Tambaya ɗaya ta fi ci mata rai, wato me ya sa. Ta san in ta marairaice ta kawo zancen kammala karatu, dattijuwar nan za ta ji kunya ta ce a bar shi. Ta kuma san in ta ce to, ta ci gaba da amfani da hirar a ɓoye, ba mai sani. Ta ji baƙin ciki sosai, har da ɗan fushi, ba ta yi wa kanta ƙarya a kan wannan ba. Amma da bakinta ta ce ba sai an faɗi dalili ba, kuma a kan wannan maganar matar ta dangwala yatsa.

Auta ta ciro rikodar, ta nemo lambar hirar, ta juya fuskar na'urar yadda Inna za ta gani, ta goge. Ta ce rubutaccen kwafin ma yau za ta share shi daga kwamfuta, ta sanar da malamarta, ba kalma ɗaya tata da za ta shiga littafin.

Inna Tela ta dube ta. “Shi kenan? Ba za ki tambaye ni komai ba?”

“Ba zan tambaya ba, Inna.”

“Kuma yau za su wanke min ƙafar?”

“Za su wanke, kamar kullum.”

Dattijuwar ta miƙe tana dafa bango, ta shiga layin masu jiran sista. Auta ta kira Malama ta gaya mata. Malama ta ce a rubuta a rahoto cewa mutum ɗaya ya janye, kuma babin nan sai an rushe shi. In bai haɗu kafin ranar miƙawa ba, sai dai ta bi rukuni na gaba, ƙawayenta su yi yaye ba ita. Auta ta ce ta ji.

Izininta na hira bai ƙare ba tukuna. Ta share ido da bakin mayafi, ta ciro sabuwar takardar amincewa daga jaka. Wani direba mai ɗingishi da sista ta yi wa bayani tun safe yana tsaye a ƙofa, yana tambaya ko nan ne. Ta ce nan ne, ya shigo ya zauna. Ta fara karanta masa daga farko, da ta kai layin janyewa sai ta rage sauri, ta karanta shi dalla-dalla, ta ɗago ta tambaye shi ko ya fahimta.