Bayan Gilashin Shagon Tabarau

Tun da aka kira Auta intabiyu a shagon tabarau, gidansu ya koma makaranta, kowa malami. Ta gaji da zaman gida, ta ƙwallafa rai a kan wannan aiki na tarbar masu saye a kantar shagon, kuma kowa ya rantse za a tambaye ta inda take ganin kanta nan da shekara biyar.

Yayanta direba, wanda bai taɓa zama gaban mai ɗaukar aiki ba, shi ya fi kowa zaƙewa. "Ki dubi idon manaja ki ce, a kujerarki. Suna son mai zuciya."

"Rufa mana asiri," in ji Umma. "Ki ce nan za ki tsufa, ko shara suka ba ki."

Da safe Auta ta zauna gaban manajar, wata doguwar mata mai tabarau rataye a wuya. Bayanta akwai tagar gilashi, ta ciki ana hango wani dattijo yana goge ruwan tabarau a jikin inji, ya ɗaga shi sama, ya sake gogewa. Idon Auta ya ƙi barin wurin.

Tambayar ta zo kamar yadda aka yi alkawari. Sai muryar Yaya da ta Umma suka kaure da gardama a cikin kanta, dariya ta ƙwace mata. Ta toshe baki, ina, abin ya fi ƙarfinta. Kunya kamar ta nutse.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe. An ba ni amsa biyu a gida, duk ba tawa ba ce."

"To, ina taki?"

Auta ta nuna tagar. "Can nake so in kai. Amma ban iya komai ba tukuna. Sai na fara a kanta, na iya auna tazarar idon mutum, na iya gyara firam ya zauna a hanci bai zame ba. In na yi shekaru ina wannan, ina fatan a bar ni in koyi yankan ruwan tabarau."

Manajar ta saka tabaranta, ta ƙare mata kallo. "Wanda ya fita kafin ki shigo, kujerata yake so. Shi kuwa dattijon can, hannunsa ya fara rawa, ya daɗe yana min mitar ba mai son koyo. A kanta dai za ki fara, ban yi miki alkawarin inji ba. Ki zo ran Litinin."

Auta ba ta san yadda ta sauka daga benen shagon ba. Har mai gadi sai da ta gaishe shi sau biyu.

A ƙofar gida Yaya ya tare ta. "Kin faɗi maganar kujera?"

"An riga ka, Yaya," ta ce, dariya na cin ta. "Mai amsarka yana can yana neman wani aikin."