Wayar Baffa Sajo

Lubabatu ba ta yarda da abu mai sauƙi ba, shi ya sa tun da Tijjani ya ce "an gama" ta kafe shi da ido.

Shekarar riƙon ƙwarya ce, sojoji na shirin ba da mulki, masu son kujera sun fara rabon gaisuwa. Ƙungiyarsu a Gidan Rumji ta tattara koken makiyaya ta waya kan masu cinye burtali, hanyar shanu, suna mai da shi gona. Ita ta bi rugage tana rantsuwa cewa ba mai sanin wanda ya yi magana. Yanzu kwamitin filaye na son bayanan, kuma a cikinsa akwai surukin Alhaji Tanimu, ɗan takarar da sunansa ya cika koken.

"Madam, kwantar da hankalinki," in ji Tijjani, mai kula da ordinatar, wato kwamfuta, a buro, ofishin ƙungiyar. "Na yi wa lambobin wayar masu koken hashaj. Kowace ta koma tarkacen baƙaƙe. Gero ne aka niƙa, gari kuwa ba ya komawa gero."

"In ka sake niƙa lamba guda fa, abin da ya fito ɗazu zai fito?"

"Sak!"

Kai, har da washe baki, sai ka ce yabonsa aka yi.

Ta karanto masa lambar Baffa Sajo, dattijon wata ruga kusa da Sae Sabuwa. Ya niƙa, ya nema a cikin bayanan. Layi ya fito, wani ya biyo, har allon ya cika. Ai waya guda ce a rugar, ta Sajo, kowa da ita ya kira. Zafin bakin samari da kukan mata duk sun hau kan tsoho ɗaya.

"To Alhaji ba ya da lambar Sajo ne? Ko wuya ce a samo?"

Murmushin Tijjani ya gudu. Ya ce gaskiya kowace lambar waya ƙwaya takwas ce kacal, na'ura za ta iya niƙe dukansu ta gwada. Da ya cuɗa su da kalmar sirri da ba ta fita daga buro ba, da mai lamba a hannu bai iya gwadawa.

"Sai ka cuɗa yanzu."

Ya sosa ƙeya. "Jiya surukin ya zo da kansa ya kwashi bayanan. Har ya tambaye ni irin niƙan da na yi, wai don ilimi."

"Ka faɗa masa?"

Ya gyaɗa kai.  Lubabatu ta fita bakin buro ta kira Sajo.

"Baffa, lafiya kuke?"

"Lafiya lau, 'yata, sai alheri," in ji tsohon da fara'arsa. "Yau ma wani ɗan arziki ya kira ni, ya tambayi sunana da inda nake kwana da shanu. Ya ce ke kika aiko shi."