Cokalin Madarar Firit

Jikoki biyu Kaka ke raino, kuma kwana tara ne kacal tsakanin haihuwarsu. Akwai Kumatu, ɗan Autarta, wanda bai san komai ba sai nonon uwarsa. Akwai kuma Firit, 'yar babban ɗanta, wadda ke shan madarar gwangwani da rana, saboda uwarta ta koma aiki a kamfanin ɗinki tun yarinyar na wata uku. Ma'aikaciya ake ce wa uwar a gidan. Kaka ce ta laƙaba mata, kuma ba don yabo ba.

Ranar da Kumatu ya cika kwana biyar bai yi kashi ba, hankalin Kaka ya tashi. Yaron kuwa ko a jikinsa. Yana ta wuntsila ƙafa yana ɓangale baki.

"Ɗauko mayafinki," ta ce wa Auta. "Ciki ba rumbu ba ne, da za a yi ta zubawa ba a kwashewa."

Ta goya Firit suka tafi asibiti tare, don babu wanda za a bar wa ita. Ita Firit ai ba a maganarta, kullum sai ta yi. To, da kuka take yi, ta ƙanƙame jiki, abin ya fito guntu-guntu kamar na akuya. Jiya ma har da ɗan zaren jini a nafkin. Amma Kaka ta riga ta yanke hukunci: yarinyar da uwarta ta bar wa gwangwani, me ake jira? Ta faɗa a tsakar gida ya fi a ƙirga, da muryar da ta tabbatar ana ji har ɗakin surukarta. Ma'aikaciya ba ta taɓa tankawa ba. Da safen nan dai, tana ɗaura takalmi, ta ce a hankali, "Mama, zan ajiye aikin ƙarshen makon nan. Ni na ja mata." Kaka ta ce hakan ya fi, kuma har ga Allah ta ji daɗi.

A ɗakin duba yara, nas ɗin wata gajeriya ce mai tabarau a kan hanci. Ta kwantar da Kumatu, ta danna cikinsa da yatsu uku.

"Yana shan nono sosai? Yana jiƙa nafkin? Amai fa?"

Auta ta ce yana sha, yana jiƙawa, babu amai.

"To ku ƙyale min bawan Allah. Yaron da ke nono zalla, in ya wuce sati shida, yana iya yin mako bai yi ba. Nonon ne jiki ke shanyewa kusan duka. Ba kwana muke ƙirgawa ba, Kaka, yadda ya fito muke dubawa. In da laushi, shi ke nan."

Kamar jira yake. Ya yi jajir, ya yi wani nishi, sai ga ƙara kamar an yaga zane. Auta ta sunkuce shi ta yi waje tana salati, abin na bin bayan rigarsa, ruwan ɗorawa, lakaɗan-lakaɗan.

"Kin gani?" nas ta ce tana dariya. "Ita ta bayanki fa?"

"Wannan ai kullum tana yi."

"Yaya take yi?"

Kaka ta faɗa. Da ta zo kan jinin, nas ta daina dariya. Ta sa aka kwance goyon, ta taɓa cikin, ta auna zafin jiki, ta duba ƙasan yarinyar da ƙaramar fitila.

"Wannan ce mai matsalar. Tauri ne ya ɗan tsaga wurin, shi ne jinin. Cikinta dai bai kumbura ba, alhamdu lillahi."

"Na faɗa! Madarar nan ce."

"Madara takan sa kashi ya fi na mai nono kauri, gaskiya ne. Amma ba ta kai shi ya zama tsakuwa haka kawai. Wa ke haɗa mata?"

"Ni mana."

Nas ta ɗauko gwangwani da fidar shan madara daga kabad ta ajiye a tebur. "Haɗa min yadda kike yi."

Nan fa Kaka ta gyara zama. Shekara talatin da biyu tana sayar da gari a kasuwa, kuma ba a taɓa cewa awonta ya gaza ba. Ta nutsa ɗan cokalin, ta danna shi a jikin gwangwani ya cika dam, ta ƙara masa tozo. Sau huɗu. Sannan ta ƙara rabi, na gyara. Ta bi da ruwa har ya taɓa layi.

Nas ta zare tabarau. "Tun yaushe kike yin haka?"

"Tun ranar farko. Dubi hannunta fa, kamar tsinke. Shafaffen awo ai na baƙo ne. Ina zan yi wa jinina shi?"

Nas ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta zubar, ta sa ruwa tukuna har layi, ta ɗebo garin sakwa-sakwa, ta shafe bakin cokalin da bayan wuƙa mai tsabta.

"Ruwa ne farko. Cokali a shafe, ba dannawa, ba gyara, adadin da aka rubuta a gwangwani. Naki ya kusa ninki biyu, ga ruwan ya ragu. Jikinta na neman ruwa, sai ya zuƙe na cikin kashin. Ƙodarta ma wahala take sha."

Ta nuna mata yadda za ta shafa cikin a hankali, ta riƙa juya ƙafafun kamar mai tuƙa keke. Kada a tura sabulu, kada a ɗura mata jiƙo ko ruwa. In kwana uku suka wuce bai yi laushi ba, ko jinin ya ƙaru, a dawo. In kuwa ciki ya kumbura, ko ta yi koren amai, ko zazzaɓi, ko ta ƙi shan madara, ko minti ɗaya kada a jira.

A cikin mota Auta sai labarin ɓarnar Kumatu take yi. Ba ta ji komai ba, don lokacin tana can wajen famfo tana wanke shi. Kaka kuwa tana jin numfashin Firit a bayanta. Wata guda cur yarinyar nan na kuka, ita kuma tana tsaye a kanta tana zagin uwarta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana budurwa. Sai kuma wata zuciyar ta ce, wa ya sani? Ta gyara awo a ɓoye, yarinya ta warke, uwa ta zauna a gida, kowa ya ce Kaka ta yi gaskiya. Wallahi sai da ta juya wannan tunanin har suka sauka.

Da la'asar Ma'aikaciya ta dawo, da zare maƙale a gefen mayafinta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi 'yarta ta sa a nono, idonta a ƙasa.

"Na gaya wa shugabarmu, Mama. Ta ce in ƙara tunani zuwa gobe. Na ce babu wani tunani."

Kaka ta tashi ta shiga kicin. Ta dawo da gwangwani da fida, ta zauna a tabarma kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta nutsa cokalin, ta danna, ta yi tozo.

"Kin ga wannan? Haka nake ba ta tun da kika koma aiki. Nas ta ce shi ne ciwon. Ba madarar ba ce, ba kuma aikinki ba ne. Ni ce."

Ma'aikaciya ta dubi cokalin, ta daɗe tana dubansa. Kaka ta shirya wa kowace irin magana, don ta san ta ci bashinta.

"Kullum a banɗakin kamfani nake kuka, Mama," ta ce. "Na ɗauka ni ba uwa ba ce."

Kaka ta juye garin cikin gwangwani, ta miƙa mata cokalin da hannu biyu.

"Gobe ki tafi aikinki. Amma kafin ki fita, ki tsaya a kaina in haɗa, ki gani da idonki."